Takardar gona a cikin hazo

Bayan sallar isha'i saƙon ya shigo wayata daga ɗan yayata. Hoto ne guda, a ƙarƙashinsa kalma ɗaya tak: "Fassara." Babu sallama, babu bayanin inda takardar ta fito, balle abin da za a yi da ita. Na buɗe hoton. Wata tsohuwar takarda ce ta ajami, an shimfiɗa ta a kan tabarma, an ɗauka da hasken tocila, inuwar hannun mai ɗaukar ta rufe kusurwar ƙasa. Layi goma sha ɗaya na ƙirga, kuma karyar ninki ta ratsa na huɗu daga wannan gefe zuwa wancan.

Duk wanda aka sani da iya karatun ajami a cikin dangi ya san irin wannan saƙo. Mai aikowa yana ganin aikin minti biyar ne. Shi takardar tana gabansa, yana ganin rubutun rangaɗau, bai san cewa abin da ya iso wa mai karatu ya riga ya sha wuya a hanya ba.

Kalmar "fassara" ita kanta ta bar tambaya a buɗe. Yaran yanzu da yawa da sun ga baƙaƙen Larabci sai su ɗauka Larabci ne, alhali takardar da Hausa take magana. In haka ne, aikin juyawa ne daga ajami zuwa boko, wanda ya sha bamban da fassara. Tsofaffin takardu kuma sukan gauraya: a buɗe da Larabci, a zuba maganar da Hausa, a rufe da Larabci. Sannan wanda yake son sanin abin da kakansa ya rubuta don marmari buƙatarsa daban da ta wanda zai kai takardar gaban mai unguwa ko alƙali. Na tambaye shi. Ya ce, "Kawu, takardar gonar nan ce ta bakin rafi. A akwatin Kaka muka same ta, kuma mutanen can gidan sun ce tasu ce." Daga nan na gyara zama.

Abin da na iya karantawa nan take yana da ɗan yawa, kuma a nan tarkon yake. Layin farko bisimilla ne da salati, ko da an shafe rabinsa zan gane shi. Na biyu ya fara da "wannan takarda ce ta shaida". Can ƙasa na ga gabas, yamma, kudu da arewa a jere, wato iyakokin gona. Na ga kalmar "shaidu", na ga "wassalam". Idan aka auna da yawan kalmomi, na karanta fiye da rabin takardar. Amma gaskiya sanin da na yi wa irin waɗannan takardu ne ya karanta mini su, idona ɗan tabbatarwa kawai ya yi. Kalmar da mutum zai iya cankar ta tun kafin ya gan ta ba ta ƙara masa komai. Abin da ake rigima a kansa, wato wane ne, nawa ne, yaushe ne, sayarwa aka yi ko jingina, shi ne daidai abin da ba a iya canka, kuma shi hazon hoto yake fara cinyewa.

Dalilin yana cikin yadda baƙaƙen suke. Ba, ta, nun da ya, idan suka zo a farko ko tsakiyar kalma, haƙori ɗaya suke da shi. Ɗigo ne kawai yake raba su: ɗaya a ƙasa, biyu a sama, ɗaya a sama, biyu a ƙasa. A rubutun allo irin na Warshu, wanda ajaminmu ya gada, fa ɗigo ɗaya gare ta a ƙasa, ƙaf kuma ɗaya a sama. Wanda ya saba da bugun Hafsu kawai zai ga ɗigo ɗaya a sama ya karanta fa, alhali ƙaf marubucin yake nufi. Wasalin "e" ma ɗigo ne mai ɗan kauri a ƙarƙashin baƙi, wanda ake kira imala. Rufu'a ɗaya ce take ɗauke da "u" da "o". Marubuci mai sauri kuwa yakan bar wasulan gaba ɗaya, ya dogara da cewa mai karatu ya san zancen. Shekara sittin bayan haka, waɗanda suka san zancen duk sun kwanta dama.

Yanzu a ɗora wa wannan abin da waya take yi. Kyamarar waya mai matsakaicin kuɗi takan ɗauki hoto mai ɗigon haske wajen 4000 a tsawonsa. Idan aka tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto na yau da kullum, manhajar takan matse shi ya koma wajen 1600. Takarda mai tsawon santimita 30 da ta cika hoton, kowace milimita tata za ta samu ɗigon haske biyar ke nan. Ɗigon alƙalami mai rabin milimita ya koma biyu ko uku. Hannu ya ɗan girgiza, shi ke nan, ɗigo biyu sun narke sun zama ɗaya, ko ɗayan ya ɓace. Ga kuma kashin ƙuda, ga tawadar bayan takarda da ta huda ta fito, duk a hoto kamar ɗigo suke. Buɗa hoton da yatsu biyu ba ya dawo da abin da aka zubar, hazon kawai yake ƙara girma.

A layi na uku sunan mai gonar yake. Na ga ha, na ga sin, na ga nun a ƙarshe. Hasan ke nan. Sai dai tsakanin Hasan da Husaini a rubuce, haƙori ɗaya ne da ɗigo biyu a ƙarƙashinsa, kuma haƙoran sin a hannun wannan marubuci a kwance suke kamar zare. Da na ce Hasan kai tsaye, da na zaɓi gida ɗaya a kan wani, domin kakannin gidajen biyu tagwaye ne. Wannan kuwa sai daga baya aka gaya mini.

Kuɗin ma haka. "Fam ashirin da" ya fito sarai. Kalmar da ta biyo baya ta fara da ba da ya, ta ƙare da wani baƙi mai wutsiya da ta sauka ƙasa. Idan yana da ɗan kai a dunƙule, wau ne, an ce biyu. Idan babu kan, ra ce, an ce biyar. Irin wannan rikici tsoho ne a wurin masu kwafar littattafai: saba'in da tis'in, in aka cire ɗigo, haƙora huɗu ne a jere kafin ain a dukansu. Alƙaluman lissafi na Larabci ba su fi sauƙi ba. Biyu da uku haƙori ɗaya ne tsakaninsu, sifili kuwa ɗigo ne tsura, don haka kashin ƙuda guda yana iya mayar da biyar ta zama hamsin.

Kalmar "fam" ta ja ni in yi saurin cewa takardar ta girmi 1973, shekarar da naira ta maye gurbin fam a kan naira biyu kowane fam. Na danne zuciyata, saboda mutanenmu sun daɗe suna cewa fam biyar suna nufin naira goma, kamar yadda jaka ta zauna a kan naira ɗari biyu. Alama ce dai, amma ba a kafa hujja da ita ita kaɗai.

Layi na huɗu, wanda karyar ninki ta bi ta kansa, shi ne zuciyar takardar. A nan aka faɗi abin da aka yi da gonar. Ban ga komai ba sai kawunan dogayen baƙaƙe suna leƙowa ta saman karyar. Ko da an ga rabin jimla ma, Hausa tana da nata haɗari a nan: korewa da "ba" biyu ake yin ta, ɗaya a gaba ɗaya a baya. "Bai biya ba" da "ya biya" a rubutun hannu ba su da nisa, musamman idan "ba" ta ƙarshe ta faɗa bakin takarda inda gara ta ci. Haka "ya saya" da "ya sayar", baƙi ɗaya ne yake juya wanda ya ba da kuɗi ya koma wanda ya karɓa. Kada masu boko su yi dariya, su ma in suka rubuta da hannu sukan bar lanƙwasa, kafa da ƙafa su zama abu ɗaya.

Amsar da na tura masa a daren ba ta yi masa daɗi ba. Na rubuta layi-layi yadda suke a takardar. Abin da na gani da idona na rubuta shi tsaf. Inda karatu biyu suke yiwuwa na kawo duka biyun da alamar tambaya: Hasan ko Husaini, biyu ko biyar. Inda ban ga komai ba na jera ɗige-ɗige, na ce kimanin kalma biyar ce ta ɓata a nan. Ban cike gurbi ko ɗaya don jimla ta yi daɗin karatu ba, domin da zarar magana ta fito a bugun waya mai tsafta, sai ta yi kama da tabbas. Za a tura ta zauren dangi, wani ya karanta a gaban dattawa, kuma babu mai tuna cewa daga hoto mai hazo ta fito.

Ya ce, "Kawu, ai wannan rabin aiki ne." Na ce masa ragowar rabin yana hannunsa. Ya bari gari ya waye, ya fitar da takardar inuwar zaure inda haske yake ko'ina daidai, ya kashe fitilar kyamara, ya goge gilashinta da gefen riga. Ya shimfiɗa takardar a kan abu mai duhu, ya danne gefunanta a hankali, kada ya sa mata gam ko ya bi rubutun da biro wai don ya fito. Ya riƙe wayar a saitin takardar, kada ya karkata, ya taɓa allon a kan rubutun har ya washe. Hoto ɗaya na dukan shafin, sannan na kusa-kusa, layi uku-uku, kowanne ya haɗa da layin ƙarshe na wanda ya gabace shi. Ya ɗauki bayan takardar ma, don a can akan sa hatimi ko a ƙara wani sharaɗi. In zai turo, ya zaɓi Document, ko aƙalla ya taɓa HD.

Da hantsi hotuna shida suka iso. Haƙorin ya fito da ɗigonsa biyu: Husaini ne. Baƙin ƙarshe ba shi da kai, fam ashirin da biyar ne. Na tabbatar da haka ta hanyar duba yadda marubucin ya yi ra a cikin "arewa" da yadda ya yi wau a "wannan", domin hannun mutum da hannunsa ake gwada shi. A cikin karyar ninki kuma, da ya buɗe ta sosai, ga jim da ɗigonta a ƙasa, kalmar "jingina" ce, sannan "har ya kawo kuɗin".

Shekarar ce ta ƙi. An ga 138 na Hijira, alƙalami na huɗu kuwa gara ta cinye shi, rami ne a wurin. Tana iya zama kowace shekara daga 1380 zuwa 1389, wato daga 1960 zuwa farkon 1970, kuma haka na rubuta masa. Ya sake tambaya ko Husaini ya kawo kuɗin daga baya ya fanshi gonarsa. Na ce takardar ba ta faɗa ba, bayanta kuma fari ne fat. Sunaye uku ne a layin shaidu, ɗaya daga cikinsu har yanzu yana raye, yana zama a ƙofar masallacin unguwarsu bayan la'asar. Na ce ya sayi goro ya je ya gaishe shi.