Inda Wurin Ajiya Ke Ɓuya Idan Asusun Hostin Ya Cika

Asusun hostin shi ne wurin da mai shafin intanet ke haya a kan sabar wani kamfani, kuma kowane asusu yana da iyakarsa, wani gigabayit 5, wani 10, wani fiye. Idan ya cika, shafin ba ya mutuwa nan take. Sai dai a ga hoto ya ƙi hawa, saƙon imel da aka aiko yana komawa ga mai shi, wani lokaci ma shiga ɓangaren gudanarwa ya gagara, domin sabar ba ta da inda za ta rubuta ko ɗan ƙaramin fayil. Saƙon da aka fi gani shi ne `Disk quota exceeded`. Da yawa daga nan sukan biya kuɗin babban tsari, alhali galibi abin da ya cinye wurin tarkace ne da aka manta da su.

Kafin a goge komai sai an auna. A cPanel, wanda kamfanonin hostin da yawa ke bai wa abokan cinikinsu, akwai shafin `Disk Usage`. A ƙasansa ake jera foldoji da girman kowace, kuma ana iya tsara su daga babba zuwa ƙarama. Wanda aka buɗe masa `Terminal` ko SSH zai sami amsar da wannan umarni:

```
du -h --max-depth=1 ~ | sort -hr
```

Umarnin yana nuna nauyin kowace folda da ke matakin farko na asusun, mafi nauyi a sama. Daga nan sai a shiga wadda ta fi nauyi a sake aunawa, a yi ta gangarawa har a iske fayil ɗin da ke da alhaki.

A ɗauki misalin shafin wata makaranta da aka gina da WordPress a asusu mai gigabayit 10. Awon farko ya nuna `public_html` na da gigabayit 6.8, `softaculous_backups` na da 1.4, `mail` na da megabayit 900, sannan `.trash` na da megabayit 700. Shafin da kansa, da rubutunsa da hotunansa, bai kai gigabayit 2 ba. To, ina sauran?

Bakof, wato kwafin da ake ajiyewa don ko-ta-kwana, shi ne wanda ake fara tuhuma, domin kowane ɗaya kusan girman shafin ne gaba ɗaya. Kowace manhaja kuma da inda take zuba nata. UpdraftPlus na ajiyewa a `wp-content/updraft`. All-in-One WP Migration na ajiyewa a `wp-content/ai1wm-backups`, fayilolinta suna ƙarewa da `.wpress`. Softaculous na da foldarsa a wajen `public_html`, cikakken bakof na cPanel kuwa yana sauka a babbar foldar asusun da suna mai farawa da `backup-` yana ƙarewa da `.tar.gz`. A misalin makarantar, an tarar da fayilolin `.wpress` biyu masu gigabayit 1.2 kowanne, waɗanda wanda ya gina shafin ya yi lokacin da zai ƙaura da shi, bai kuma waiwaye su ba.

Akwai wata matsala da ke saurin cika asusu: manhajar bakof da ke kwashe komai ba tare da ware tsofaffin bakof ba. Kwafin yau ya haɗiye na jiya, na gobe ya haɗiye duka biyun. Alamarta ita ce girman fayilolin na tsalle daga mako zuwa mako ba tare da an ƙara wani abin kirki a shafin ba. Bakof da ke zaune a sabar ɗaya da shafin ma amfaninsa kaɗan ne, tunda idan sabar ta lalace ko aka rufe asusun, tare za su tafi. Abin da ya dace shi ne a sauke na baya-bayan nan zuwa kwamfuta, a tabbatar girmansa ya yi daidai da na sabar kuma yana buɗewa, sannan a goge na kan asusun.

Tsofaffin kwafin shafi sun fi buƙatar natsuwa. Sukan zo da sunaye irin su `old`, `test`, `staging`, `new` ko `public_html_bak`, kuma suna ba hujja ba ne: sau da yawa foldar da aka sa wa `new` ita ce matacciya, wadda aka sa wa `test` kuwa ita ke ɗauke da shafin da jama'a ke gani. Hanyar tantancewa ita ce a buɗe `Domains` a cPanel a duba `Document Root` na kowane adireshi. Foldar da wani adireshi ke nunawa a raye take. Sai kuma a buɗe `wp-config.php` na foldar da ake zargi a karanta layin `DB_NAME`. Idan sunan rumbun bayanan daidai yake da na shafin da ke aiki, ana iya cire foldar amma kada a taɓa rumbun. Nan ne ake yin ɓarnar da ta fi ciwo, mutum ya goge rumbun yana zaton na tsohon kwafi ne, ya wayi gari duk rubutun shafin ya ɓace.

A asusun makarantar, `public_html/old` na da gigabayit 2.3, babu adireshin da ke nuna ta, kuma ranar ƙarshe da aka taɓa fayilolinta ta wuce shekara biyu. Duk da haka ba a goge ta nan take ba. An canza mata suna, aka bar ta mako guda, domin wani lokaci sabon shafi yana jawo hotuna daga tsohuwar folda ba tare da kowa ya sani ba. Da aka ga babu hoton da ya ɓace, sai aka cire ta. Irin wannan kwafi, ban da cin wuri, ƙofa ce ga masu kutse, tunda duk abin da ke cikin `public_html` ana iya kaiwa gare shi daga waje, ga shi kuma babu mai sabunta manhajarsa.

Manyan fayilolin da aka ɗora kuwa suna `wp-content/uploads`, an kasa su shekara-shekara, wata-wata. Wannan umarni yana fito da duk wanda ya haura megabayit 50 a faɗin asusun:

```
find ~ -type f -size +50M -exec ls -lh {} \;
```

Yawanci bidiyo ne, ko fayil ɗin `.zip` da aka warware aka bar asalinsa, ko `error_log` da ya yi ta kumbura saboda kuskure ɗaya da ke maimaituwa. Shi `error_log` ana iya goge shi, amma zai dawo muddin ba a gyara kuskuren da ke cikinsa ba. Hotuna ba sa bayyana a wannan jeri don kowanne ƙarami ne, sai dai WordPress na yi wa kowane hoto kwafi masu girma daban-daban, kuma tun sigar 5.3 ta 2019, idan hoto ya wuce fiksel 2560 yakan rage shi ya kuma ajiye asalin. Don haka a goge hoto daga `Media Library`, inda zai tafi da dukkan kwafinsa. Idan aka cire shi ta `File Manager`, sai a bar gurbi a shafin.

Mataki na ƙarshe shi ne `.trash`. Abin da aka goge ta `File Manager` can yake komawa, kuma ana ci gaba da ƙirga shi a cikin iyakar asusun, shi ya sa wasu ke gogewa su ga adadin bai motsa ba. Foldar ba ta bayyana sai an kunna `Show Hidden Files (dotfiles)`, ko a danna `View Trash` sannan `Empty Trash`. A misalin makarantar, bayan an cire fayilolin `.wpress`, da foldar `old`, da bakof na Softaculous da aka riga aka sauke, aka kuma zubar da shara, asusun ya sauko daga gigabayit 9.8 zuwa 3. Adadin da cPanel ke nunawa kan ɗan jinkirta kafin ya sabunta, don haka sake buga `du` ne ke ba da amsa nan take.