Yadda za a kare sirrin jama'a yayin mayar da hoton fom zuwa rubutu

Sakataren wata ƙungiyar manoma na riƙe da takarda mai ɗauke da sunayen mambobi 40, da lambobin wayarsu da sa hannunsu. Maimakon ya zauna ya buga su ɗaya bayan ɗaya, sai ya ɗauki hotonta ya ɗora a wani shafin intanet da ke mayar da hoto rubutu kyauta, fasahar da ake kira OCR. Cikin daƙiƙu aiki ya kammala, amma takardar ta riga ta bar hannunsa.

Dalili kuwa shi ne, akasarin irin waɗannan shafuka ba a cikin wayar mutum suke karanta hoton ba. Sukan tura shi ne zuwa kwamfutocin kamfanin da ya mallaki shafin, galibi a wata ƙasa. Ko da shafin ya yi alƙawarin goge hoton bayan 'yan sa'o'i, sakataren ba shi da hanyar tabbatarwa. Suna haɗe da lambar waya da sunan ƙungiya kuwa ya ishi ɗan damfara ya kira mutum da cikakken sunansa, ya ce masa tallafin taki ya fito, sai dai ya fara biyan kuɗin rajista.

Akwai gwaji mai sauƙi na gane inda ake karanta hoton: a kashe data da Wi-Fi, sannan a gwada manhajar. Idan ta ƙi aiki, alama ce tana tura hoton waje. Idan ta yi, to a cikin na'urar take karantawa, kamar Live Text na iPhone da Tesseract na kwamfuta. Sai dai gwajin bai isa shi kaɗai ba, domin wata manhajar takan adana kwafi a intanet da zarar an kunna data, don haka a duba saitinta.

Idan babu makawa sai an yi amfani da shafin intanet, a raba bayanan. Sakataren ya rufe layin lambobi, da na sa hannu, da sunan ƙungiyar da farar takarda kafin ya ɗauki hoto. Sunaye kaɗai zai ɗora, lambobin 40 kuma ya buga su da hannu. Rufewa da takarda ya fi shafa baƙin launi a kan hoton bayan an ɗauka, saboda wani launin shara-shara ne, da an ƙara haske rubutun zai bayyana.

Daga nan ya goge hoton a waya, ya kuma bi shi cikin kwandon shara, domin Google Photos kan riƙe hoton da aka adana har kwana 60 bayan gogewa.

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhakin tsaron bayanai a kan wanda ya tattara su. Mambobin nan sakatare suka bai wa lambobinsu amana, ba wani shafin da ba su taɓa jin sunansa ba.