Hanyar Zuwa Daban, Ta Dawowa Daban

Ranar Idi, da ka yi wanka ka sa babbar rigarka mai kyau, ka shafa turare, sai ka lura da abu guda: a Ƙaramar Salla ana cin wani abu kafin fita, ko da dabino ne, amma a Babbar Salla ana jinkirtawa sai an sauko.

Sallar raka'a 2 ce, ba kiran salla, ba iƙama, huɗuba kuma tana biyo baya. Abin takaici, da yawa daga sallamewa sai su watse.

Idan ka bi ta bakin kasuwa, ka dawo ta wata unguwar, domin haka Annabi (SAW) ya yi. Duk wanda ka tarar, ka yi masa barka da Salla, musamman wanda kuka ɓata.