Daƙiƙa Uku na Malam

Akwai wani malamin kimiyya a aji biyar na firamare, ba sai an faɗi sunansa ba, wanda ya yi imani cewa yara shida ne kawai masu kai a ajinsa. Su ne na bencin gaba, masu ɗaga hannu suna "Malam ni! Malam ni!" tun bai rufe baki ba. Wata rana abokin aikinsa ya ce masa: "Malam, ajiye wayarka a kan tebur ta naɗi darasin yau, ka saurara da daddare."

Da ya saurara sai ya ji kansa yana tambaya: "Me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi? Kai, Audu? Ba ka sani ba? Ke fa? To, ku saurara in gaya muku." Tambaya ɗaya, yara biyu, amma ko numfashi babu wanda ya samu ya ja.

Wannan hali ba nasa ba ne shi kaɗai. Wata masaniyar koyar da kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta shafe shekaru tana sauraron kaset-kaset na darussan firamare tana auna shirun da ke cikinsu. A 1972 ta gabatar da abin da ta gano: yawancin malamai kimanin daƙiƙa ɗaya suke jira bayan tambaya, sannan su maimaita ta, ko su sake mata fasali, ko su kira wani ɗalibi. Abin da ya fi ciwo shi ne, yaran da malami ke ganin haziƙai ne sukan samu jira mafi tsawo, waɗanda ake ganin ba su ja kuma a yanke musu da wuri. Da aka horar da malamai su kai daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suka ninka tsawo, "ban sani ba" ta ragu, yaran da ba a taɓa jin muryarsu ba suka fara magana.

Washegari malamin ya kafa doka: ba ɗaga hannu sai ya ba da izini. Ya maimaita tambayar randa, ya maƙale hannuwansa a baya yana ƙirgawa da yatsu. Daƙiƙa uku a gaban yara masu zuba maka ido ba ƙaramin lokaci ba ne. Sai da ya ji kamar ya manta darasi. Sannan ya kira wata yarinya daga bencin baya.

"Malam, saboda randa tana gumi."

A da, da ya ce "a'a" ya wuce. Wannan karon ya yi shiru, yana dubanta. Yarinyar ta ɗan diririce, sannan ta ƙara: "In ka taɓa jikinta za ka ji danshi. Shi kuwa bokiti a bushe yake." Wani yaro ya karɓe: "Kamar in mutum ya yi gumi iska ta buso shi, sai ya ji sanyi." Amsar ke nan: ruwa na tsattsafowa ta ƙananan ƙofofin yumɓu, in ya bushe a iska sai ya tafi da zafin da ke cikin randar.

Wannan shiru na biyu, wanda ke zuwa bayan ɗalibi ya amsa, Rowe ta ɗauke shi da muhimmanci ƙwarai, kuma a ganina ya fi na farko wuya. Yaro yakan yi magana ne gutsi-gutsi: ya faɗi abu, ya tsaya, sannan dalili ya biyo baya. Malamin da ya yi saurin cewa "madalla", ko ya maimaita amsar da bakinsa, ya datse dalilin tun bai fito ba.

Dabarar tana da iyaka. In tambayar ta hadda ce, kamar bakwai sau takwas, jira ba ya ƙara komai, domin wanda ya sani ya sani. Haka "kun gane?", wadda aji ke amsawa da "eh Malam!" baki ɗaya; ko minti guda aka jira, amsar ba za ta sauya ba. Jiran yana aiki ne a tambayoyin "me ya sa" da "me zai faru in". Dole kuma a yi tambaya kafin a ambaci suna, domin da zarar an ce "Audu", sauran sun ajiye tunani.

Sai matsalar komawa gidan jiya. Rowe ta lura cewa malamai da yawa sukan koma saurinsu na da bayan 'yan makonni in babu mai tuna musu. Shi ma malamin namu, da jarrabawa ta matso ga manhaja ba ta ƙare ba, ya ji a wayarsa ya koma katse yara. Tun daga nan, a kowane darasi yakan zaɓi tambayoyi biyu ko uku tun a gida, ya sa musu alama a littafin shirin darasi, a kansu kawai yake tilasta wa kansa ƙirga ukun.