Kafin alƙalami: yadda ake neman rabin kuɗi ta imel

A ce kai kafinta ne a Tasawa. Shugaban wata ƙungiya a Mayahi ya aiko maka da imel, yana son benci 20. Kun daidaita kan jika 6 kowane benci, wato jika 120 ke nan duka. Bai taɓa ba ka aiki ba. Yana tsoron ya ba da kuɗi, ka ɓace. Kai ma kana tsoron ka sayi katako, ya ce ya fasa.

Maganin wannan shi ne kafin alƙalami, wato kuɗin da ake bayarwa kafin a soma aiki. Amma me ya sa rabi? To, yi lissafi. A ce katako da ƙusa da fenti za su ci jika 55. Rabin kuɗin, jika 60, ya isa sayen kaya. Ladan hannunka yana wurinsa har ka gama. Ka gani? Kowa ya riƙe wani abu.

A imel akwai layin da ake sa kan magana. Idan wayarka da Faransanci take, za ka ga an rubuta Objet. Nan ka sa: "Benci 20, kafin alƙalami". Sannan ka rubuta kamar haka:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Na gode da ka neme ni. Kuɗin benci 20 jika 120 ne (120.000 F). Ina roƙon a ba da rabi, jika 60, don in sayi katako da ƙusa da fenti. Ranar da kuɗin suka iso, zan aiko da takardar shaida da hoton kayan da na saya. Zan gama cikin kwana 15 daga wannan rana. Sai kun duba aikin, sannan ku biya sauran jika 60. Idan na kasa, zan mayar da kuɗinku. Idan kuka fasa bayan na yanka katako, za a cire kuɗin kaya. Allah ya bar zumunci."

Lura da abu biyu. Na ɗaya, kwanakin suna somawa daga ranar da kuɗi suka iso, ba daga ranar wasiƙa ba. In ba ka faɗi haka ba, zai yi jinkirin biya, sannan ya ce kai ne ka makara. Na biyu, rubuta kuɗi da jika da kuma lamba. Wani da dala yake ƙirga, wani da faran, kuma dala 1 faran 5 ce.

In har yanzu yana ɗari-ɗari, kada ka yi fushi. Ce masa ya aiko wani nasa ya ga shagonka, ko ku sayi katakon tare. Amma in ya ce "soma kawai, kuɗi suna tafe", dakata. Kada ka sa zarto a katako sai kuɗi sun shigo hannu.