Zama na Biyu Bayan na Farko Ya Zo Sama-sama

Iyaye sun haɗa saurayi da budurwa, ya je zance gidansu bayan isha'i. An shimfiɗa tabarma a zaure, an gaisa, an taɓa hira a kan karatu da aiki. Ba a yi faɗa ba, amma hirar ba ta yi armashi ba. Ya koma ne, ko ya haƙura?

A ganina ya koma. Daren farko kunya ce ke magana, ga ƙannenta suna leƙe. Abin dubawa shi ne ko ta yi masa tambaya ko da ɗaya, ko ta ɗan taka masa da zai tafi. In kuwa “eh” da “a'a” kaɗai ya samu, tana ta waiwayen cikin gida, wannan ma amsa ce.

Kada ya wuce kwana biyu ko uku, don dogon shiru a gidansu ana ɗaukarsa fasawa. Ya kira ta da kansa, ya sa rana, ya kamo zaren hirar da ta katse: “Malama, ba ki ƙarasa mini labarin makarantarku ba. Ko in zo ranar Juma'a bayan la'asar?” In ta ce Juma'a ba dama amma Asabar ta yi, ƙofa a buɗe take. In ta ce “sai na duba” sau biyu ba ta kawo wata rana ba, ya sanar da wanda ya haɗa su cikin mutunci, ba tare da kushe ta ba.