Ƙofar matattakala da lissafin tsira daga gobara a bene

A ranar 14 ga Yuni, 2017, gobara ta tashi a Grenfell Tower, wani bene mai hawa 24 a birnin Landan, mutum 72 suka rasu. An fi maganar kayan da aka lulluɓe bangon waje da su, waɗanda suka kai wuta har sama. Amma ginin nan matattakala ɗaya tak gare shi, kuma masu bincike sun tarar da ƙofofin gidaje da dama ba sa rufe kansu kamar yadda aka tsara. Hayaƙi ya cika farfajiyar hawa-hawa, daga nan ya shiga matattakalar, hanyar da kowa ya dogara da ita.

Mai zanen gini ba ya auna nisan gudu daga kujerarka zuwa titi. Yana aunawa ne zuwa ƙofar matattakala, domin a lissafinsa duk wanda ya shiga can ya riga ya kuɓuta daga hayaƙi. A ƙa'idar gini ta Ingila, idan ofis ne kuma hanya ɗaya ce gabanka, nisan bai kamata ya wuce mita 18 ba. Idan kana da zaɓin bin dama ko hagu, an yarda har mita 45. Dalilin bambancin a fili yake: mai hanya ɗaya, in wuta ta tare gabansa, ba shi da inda zai juya. Kuma ana aunawa ne yadda ƙafa za ta bi, ana kewaye tebura da kabad-kabad. Ofishin da aka yayyanka da katako bayan an gama gini, an ƙara masa nisa ke nan ba wanda ya lura.

Sai faɗin ƙofa. A ƙa'idar dai, ƙofa mai faɗin santimita 75 ta ishi mutum 60, mai 85 ta ishi 110, mai 105 kuma 220. A ɗauki hawa ɗaya na ofisoshi mai faɗin murabba'in mita 900. Ana ƙiyasta mutum ɗaya a kowane murabba'in mita 6, wato mutum 150 ke nan. Tunda sun haura 60, dole ƙofar fita ta zama biyu. To a nan ne masu son rage kuɗi ke tuntuɓe. Sai su raba 150 gida biyu, su ce 75 kowace, su sa ƙofofi masu santimita 85. Kuskure ne. Ana ɗauka cewa wuta ta riga ta cinye ƙofa ɗaya, mafi faɗin ma, sannan a duba ko wadda ta rage za ta ɗauki kowa. Saboda haka kowace daga cikinsu sai ta iya fitar da mutum 150 ita kaɗai, wato santimita 105. Su kuma buɗe ta wajen da ake gudu, don taron da ya firgita turawa yake yi, ba ya ja baya a buɗe ƙofa. Ƙofofi biyu da ke manne da juna kuwa ɗaya ce a idon wuta.

Duk wannan lissafi yana tsaye ne a kan sharaɗi guda: matattakalar a killace take, da bango mai jure wuta da ƙofa mai rufe kanta, wadda aƙalla za ta tsaya minti 30. Hayaƙi mai zafi sama yake nema, matattakala kuwa dogon rami ce daga ƙasa har ƙololuwa. Ƙofa ɗaya ta zauna a buɗe a hawan da wuta take, nan da nan sai hayaƙi ya tashi ya rufe wa na sama hanya. Shi ya sa ake raba matattakalar da ke gangarawa ɗakin ƙarƙashin ƙasa da wadda ke hawa sama, kuma ake so ƙasanta ya fitar da mutum waje kai tsaye, ba cikin shago ba.

Abin da na fi gani a filazoji da otal-otal ɗinmu shi ne dutse ko guntun katako da aka tokare ƙofar da shi don iska ta shiga. Ban ga laifin mai jin zafi ba, amma wannan dutse ya rushe mita 45 ɗin gaba ɗaya, domin babu sauran mafaka a ƙarshenta. Na taɓa sauka a wani otal, na bi matattakalar baya don in gwada, sai na tarar da kwalaye da jarkokin man janareta jibge a ƙarƙashinta, ƙofar waje kuma da kwaɗo. Na tambayi maigadi ina makulli.

"Ranka ya daɗe, yana wurin manaja," in ji shi, "kuma ya tashi tun magariba."